Waiwaye: yadda mai saye ya koma biyan VAT a madadin baƙon da ya yi masa aiki

Tun da sababbin dokokin harajin Najeriya suka soma aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ƙorafi ɗaya ke ta yawo a bakin masu kamfanoni. Mutum ya sayi manhaja ko shawarar injiniya daga ƙasar waje, takardar neman biyan da aka aiko masa ba ta ɗauke da ko sisin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya da ayyuka, amma akantansa ya ce sai an lissafa kashi 7.5 cikin ɗari an kai wa hukumar haraji. Wasu sun ɗauka sabon haraji ne aka ƙirƙiro bana. Ba sabo ba ne. Tsarin ya kai kimanin shekara talatin a cikin doka, kuma zafin da ake ji daga gare shi ya samo asali ne daga wani sashe daban da ba a cika ambatonsa ba.

Farkon labarin sananne ne. An kafa VAT da doka mai lamba 102 ta 1993, ya fara aiki a Janairun 1994 a kan kashi 5, ya maye gurbin harajin sayarwa na 1986. Sashe na 10 ya ce kamfanin waje da ke harka a Najeriya ya yi rajista da adireshin wanda yake da kwantiragi da shi, ya sa harajin a takardarsa, shi kuma mai saye ya kai kuɗin ga hukuma da irin kuɗin da aka yi cinikin da shi. Dalilin a fili yake. Kaya suna bi ta tashar ruwa, kwastan su tare su, su karɓi VAT kafin a sake su. Shawarar lauya ko izinin amfani da manhaja kuwa ba su da kwantena, ba su bi ta Apapa. Wanda hannun hukuma zai iya kaiwa gare shi shi ne mai saye, don haka aka juyo da nauyin kansa. Wannan shi ne abin da ake gani an rubuta `Reverse charge` a takardun kamfanonin Turai, inda tun 2010 ƙa'idar ita ce aikin da kamfani ya yi wa kamfani ana biyan harajinsa a ƙasar mai saye.

A Turai da wuya ka ji ana rigima a kan wannan, saboda a wurin mafi yawan 'yan kasuwa lissafi ne na kan takarda. Mai saye ya rubuta harajin a matsayin abin da hukuma ke bin sa, ya sake rubuta adadin a matsayin abin da yake bin hukuma, biyun su cinye juna a rahoto ɗaya, ko kwabo bai fita daga asusu ba.

Abin da ya raba Najeriya da wannan hanya ya faru ne kafin ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka shigar da tanadin da daga baya ya zama sashe na 17. Tanadin ya taƙaita VAT ɗin saye da ɗan kasuwa zai iya cirewa daga VAT ɗin sayarwarsa ga abu biyu kacal: kayan da aka saya don a sake sayarwa kai tsaye, da kayan da suka shiga cikin sarrafa sabon abin da za a caji VAT a kansa. VAT ɗin da aka biya kan ayyuka da kuɗin gudanarwa sai a zuba shi cikin kashe-kashen kamfani. Na injuna da gine-gine kuma a ɗora shi kan farashin kadarar. Babu kalma ɗaya a sashen da ta ambaci kamfanin waje, shi ya sa masu tarihin wannan batu suke tsallake shi. Amma duk abin da ake saye daga waje ta wannan hanya aiki ne, kuma aiki shi ne ainihin abin da sashen ya hana a cire harajinsa. Ƙafa ɗaya ta lissafin ta tsaya, ɗayar ta gutsure.

A duba da misali. A ce masana'antar robobi ce a Sharaɗa a Kano, ta ɗauki wani kamfanin injiniyoyi na Indiya ya duba mata tsarin injunanta daga nesa, a kan dala 10,000. A ce ranar da takardar ta zo dala tana naira 1,500. Aikin ya kama naira 15,000,000. VAT ɗinsa dala 750 ne, wato naira 1,125,000. A ƙarƙashin tsohon sashe na 17, ga yadda akanta zai shigar, inda Dr da Cr suke ɓangarori biyu na littafin lissafi da dole jimillarsu ta zo daidai:

```
Dr  Kuɗin aikin injiniya         16,125,000
    Cr  Bashin kamfanin waje         15,000,000
    Cr  VAT ɗin da hukuma ke bi       1,125,000
```

Layin farko shi ne wurin kallo. Aikin miliyan 15 ya zauna a littafi a kan miliyan 16 da dubu 125. Abin da kawai masana'antar za ta rage zafi da shi shi ne cewa ƙarin kashewar ya rage ribar da za a yi wa harajin kamfani. Idan babban kamfani ne mai biyan kashi 30, ta dawo da naira 337,500 ta wannan hanya, sauran 787,500 sun tafi ke nan. A ƙarshe suna shiga farashin bokiti da buta, mai saye a kasuwa ya sake biyan VAT a kansu.

Wannan ne ya sa batun ya zama na kotu. Kamfanin da ya san zai cire harajin a wata guda ba zai ɗauki lauya ya yi shekaru yana jayayya a kansa ba. Wanda zai yi asararsa har abada kuwa zai nemi kowace kafa, kuma akwai kafa a lafazin sashe na 10, domin ya yi magana ne a kan kamfanin waje da ke harka a Najeriya. To wanda bai taɓa taka ƙasar ba, bai yi rajista ba, bai sa harajin a takardarsa ba fa? A 2015 kotun sauraron ƙorafin haraji ta yanke a wata shari'a cewa babu VAT a irin wannan hali. A 2016 ta yanke akasin haka a shari'ar wani kamfanin sadarwa da ya sayi layin tauraron ɗan'adam daga wani kamfani na ƙasar Holan. A 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukunci na biyu: in dai a Najeriya aka ci moriyar aikin, nauyin kai harajin yana kan mai saye, ko baƙon ya yi rajista ko bai yi ba.

Akwai wata ɓarna da sashen ya haifar wadda ba a cika lura da ita ba. A wancan lokaci, injiniyan gida da ke da rajista, a ce na Kaduna, dole ya ɗora VAT a takardarsa, kuma masana'antar ba ta da damar cire shi. Na Indiya takardarsa fes take. Matuƙar ba a tilasta wa mai saye ya caji kansa ba, baƙo ya fi ɗan gida araha da kashi 5 ba don ya fi shi iya aiki ba. Da ana cire harajin ayyuka, wannan bambanci ba zai taso ba tun farko.

Abin da ya biyo baya toshe ƙofofi ne. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗaga harajin zuwa kashi 7.5 daga 1 ga Fabrairun 2020, ta fayyace cewa aikin da aka yi wa wanda ke Najeriya ana ɗaukarsa an yi shi a nan ko da daga ina aka yi shi, ta kuma wajabta wa mai saye ya lissafa harajin da kansa idan takardar ba ta ɗauke da shi. Daga Janairun 2022 manyan masu sayar da ayyukan intanet daga waje suka fara karɓar harajin da kansu, abin da masu biyan kuɗin talla a shafukan sada zumunta suka gani a rasit. Duk tsawon wannan lokaci sashe na 17 yana nan yadda yake, sai ma adadin da ba ya dawowa ya ƙaru da rabi.

Dokar haraji ta 2025, wadda ta soma aiki a Janairun 2026, ce ta taɓa shi. Yanzu ana iya cire VAT ɗin da aka biya kan ayyuka da kadarori, gwargwadon yadda aka yi amfani da su wajen samar da abin da ake caji VAT a kansa. Masana'antar Sharaɗa, da aiki iri ɗaya da farashi iri ɗaya, za ta shigar kamar haka:

```
Dr  Kuɗin aikin injiniya         15,000,000
Dr  VAT ɗin saye                  1,125,000
    Cr  Bashin kamfanin waje         15,000,000
    Cr  VAT ɗin da hukuma ke bi       1,125,000
```

Kada a ɗauka tun da layukan VAT biyun daidai suke, ana iya barinsu duka. Wajibin bayyana harajin yana nan, kuma wanda bai bayyana ba za a bi shi da tara da kuɗin ruwa ko da a ƙarshe yana da haƙƙin cirewa. Sannan ba kowa ke cire duka ba. Wanda kashi 60 na cinikinsa ne kawai ke ƙarƙashin VAT, sauran kuma doka ta keɓe su, zai sa naira 675,000 a VAT ɗin saye, 450,000 su koma cikin kuɗin aikin kamar da.

Wurin da littattafai suka fi rikicewa shi ne canjin kuɗi. Bashin harajin dala 750 ne, ba naira ba. Rahoton VAT na wata ana shigar da shi zuwa 21 ga watan da ke biye, kuma idan ranar da aka biya dala ta kai naira 1,540, abin da zai fita daga banki naira 1,155,000 ne:

```
Dr  VAT ɗin da hukuma ke bi       1,125,000
Dr  Asarar canjin kuɗi               30,000
    Cr  Banki                         1,155,000
```

Akantan da ya zuba duka 1,155,000 a asusun VAT zai ga asusun ya ƙi rufewa da ragowar 30,000, wata bayan wata ragowar tana taruwa har a rasa asalinta. Wani kuskuren shi ne lissafa kashi 7.5 a kan abin da aka tura wa baƙon bayan an cire harajin riƙewa, wato kason da mai biya ke riƙewa daga kuɗin ya kai wa hukuma. A kan cikakken kuɗin takardar ake lissafawa, wato dala 10,000 ɗin. Akwai kuma masu biya sau biyu: kamfanin wajen ya riga ya yi rajista, takardarsa ta nuna lambar rajistarsa ta Najeriya da layin VAT, amma manhajar lissafi an saita ta ta caji duk wani baƙo kai tsaye. Kafin a shigar da kowace takarda daga waje, a duba waɗannan abubuwa biyu a jikinta.

Masu binciken haraji ba sa wahala wajen gano wanda ya tsallake. Suna ɗauko bayanan asusun dala na kamfani da takardun Fom A da aka cike a banki don biyan ayyukan waje, su jera su kusa da rahotannin VAT na watannin. Duk kuɗin da ya fita don manhaja, shawara ko gyara daga nesa, amma babu kashi 7.5 ɗinsa a rahoto kuma babu VAT a takardar mai sayarwa, shi za a fara tambaya a kai.