"Ai Farfesa ne ya faɗa": yaushe wannan ke zama hujja?

"An turo min saƙon murya, wai wani babban farfesa ya ce bitamin C na maganin daji. Ni da ban yi ilimin likita ba, ina ni ina ja da shi?"

Ba kai za ka ja da shi ba, amma kana da damar tambayar farfesan mene ne. Wannan magana ta bitamin C ma tana da asali. Linus Pauling, Ba'amurke masanin kimiyyar sinadarai, ya ci kyautar Nobel a fanninsa a 1954, ya kuma ci ta zaman lafiya ta 1962. A kan yadda ƙwayoyin sinadarai ke haɗuwa, samun kamarsa sai an tona. To a 1970 ya fitar da littafi yana cewa shan bitamin C mai yawa na kare mutum daga mura, daga baya ya faɗaɗa maganar zuwa ciwon daji. Jama'a suka yi caa a kan ƙwayar, don sunan mai maganar ya cika kunne.

Sai dai gane ko magani na aiki a jikin mutum sana'a ce daban, mai ƙa'idojinta. Ƙwarewar maƙeri a bakin wuta ba ta sa a kai masa ɗinkin babbar riga.

"To ta yaya aka gane bai yi daidai ba?"

Da gwaji. Pauling da wani likitan tiyata na Scotland, Ewan Cameron, sun wallafa sakamako a 1976: masu ciwon daji 100 da aka bai wa giram 10 na bitamin C a kullum sun fi daɗewa a raye a kan wasu 1,000 da ba a ba su ba. Matsalar tana wurin dubun nan. Daga tsoffin takardun asibiti aka zaƙulo su, ba a raba marasa lafiyar gida biyu ta hanyar ƙuri'a ba. Idan waɗanda aka bai wa bitamin ɗin tun farko sun ɗan fi ƙarfi, za su fi daɗewa ko da ruwa aka ba su.

Asibitin Mayo na Amurka ya sake gwajin sau biyu, aka buga sakamakon a 1979 da 1985. An raba marasa lafiya da ƙuri'a, wasu suka sha bitamin, wasu ƙwayar da ba ta da komai a ciki, kuma ba majiyyaci ko likitan da ya san wa ke shan wacce. Ba a ga bambanci ba. Pauling bai yarda ba har ya rasu a 1994, kuma ba wanda ya ƙwace masa Nobel ɗinsa, don ya cancance ta. Ita dai ba shaida ba ce a kan ciwon daji.

"Idan likita ne fa, kuma maganar lafiya yake yi?"

Nan sai a duba wa ya ɗauko shi. A 1946 kamfanin R.J. Reynolds ya fara tallar sigarin Camel da cewa likitoci sun fi shan ta a kan kowace sigari, ga hoton mutum cikin farar riga. Ko da gaskiya ne, abin da likita ke zuƙa bayan ya tashi aiki bai gaya maka komai a kan huhu ba. Shekara huɗu bayan haka masu bincike biyu na Birtaniya, Richard Doll da Bradford Hill, suka wallafa binciken da ya danganta sigari da dajin huhu.

Irin wannan dabarar tana nan a tallar magungunanmu. "Dakta" na iya zama na girmamawa, ko na digirin tarihi. Lambar NAFDAC a kwalbar maganin gargajiya kuwa, galibi tana nuna an duba cewa ba ya cutarwa ne, shi ya sa za ka ga an rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

"Kenan kada a yarda da kowane masani?"

A'a, wannan ma wauta ce, kuma ta fi haɗari. Ba wanda zai iya gwada komai da kansa. Idan likitocin daji a ƙasashe daban-daban, waɗanda ba aljihu ɗaya ke biyansu ba, suka haɗu a kan magana guda bisa gwaje-gwajen da kowa zai iya dubawa, bin su shi ne hankali. Wanda za ka yi wa taka-tsantsan shi ne mutum ɗaya tilo da ya saɓa wa takwarorinsa, ya kuma kai maganar wayar jama'a maimakon gabansu. Saƙon da aka turo maka kuwa, in bai faɗi sunan farfesan da jami'arsa ba, ka tambayi wanda ya turo, sau da yawa shi ma bai sani ba.