Labari ɗaya, takardun aiki uku: tambayoyin da malamai ke yi

Ajina na huɗu yara sittin ne, wasu na karatu tiryan-tiryan, wasu har yanzu haɗa baƙi suke yi. Labari uku zan rubuta?

A'a, labarin ɗaya ne. Abin da ke canzawa shi ne yawan taimakon da takarda ke ba yaro: akwai mai sauƙi, ta tsakiya, da ta masu ƙarfi. A ce labarin kalma 120 ne game da Malam Audu, wanda ƙwari suka cinye wa wake bara, bana kuma ya shanya waken ya bushe ƙayau, ya zuba a duro ya toshe bakin, ƙwarin suka mutu saboda rashin iska. Ka sa wa kowane layi lamba a gefe, 1 zuwa 12. Sannan ka zaɓi babbar tambaya guda da kowa zai amsa: me ya kashe ƙwarin? Ita ce za ta haɗa ajin a ƙarshen darasi. In ka ba kowane rukuni labarinsa, kai kaɗai za ka koyar da darasi uku a lokaci guda, kuma ba abin da yaran za su tattauna tare.

Da wacce zan fara?

Ta tsakiya, domin yawancin ajin nan suke. Tambaya biyar ta isa: uku waɗanda amsarsu na cikin labarin ƙarara, ɗaya kan ma'anar kalma, sai babbar tambayar. Yaro zai amsa da cikakkiyar jimla.

Daga nan ka sauko. Takarda mai sauƙi ita ce mai cin lokacin malami, nan ma aka fi yin kuskure. Inda ta tsakiya ta ce "Ina Malam Audu ya zuba waken?", ita sai ta ce "Duba layi na 7. Ya zuba waken a cikin ______", da kalmomi uku a ƙasa: duro, kwando, buhu. Ka rage tambayoyin zuwa huɗu, ka rubuta da manyan baƙaƙe, ka ware kalmomi masu wuya gaɓa-gaɓa a sama, kamar to-she da ƙa-yau. Babbar tambayar kuwa kar ka cire ta, ka dai fara masa jimlar: "Ƙwarin sun mutu domin babu ______." Malamai da yawa kan cire ta, su bar yaro da kwafe kalmomi ko zana duro. Yaron da ke jinkiri wajen haɗa baƙi sau da yawa tunaninsa lafiya lau yake; da an karanta labarin da ƙarfi sau ɗaya kafin a raba takardu, zai gane dalilin sarai.

Ta masu ƙarfi kuma ba ƙarin yawa take so ba. Tambaya huɗu ma ta wadatar, amma waɗanda ba a ɗora yatsa kan amsarsu: "Da murfin duron na da huji, me zai faru? Wane layi ya nuna haka?" In ka ba su goma sha biyar irin na tsakiya, sai su gane cewa ladan saurin gamawa ƙarin aiki ne, su fara jan ƙafa.

Yaya zan san wa zan ba wacce?

Ka sa kowane yaro ya karanta maka layi uku na farko. Wanda ya tsaya a kusan kowace kalma, mai sauƙi. Wanda ya wuce da tuntuɓe ɗaya ko biyu, ta tsakiya. Wanda ya zarce kuma ya iya gaya maka abin da ya karanta, ta uku. Kar ka rubuta A, B, C a kai, yara sun san abin da C ke nufi. Sa alamar wata, tauraro da rana, ka riƙa sauya su duk mako. Idan ba kuɗin hoton takarda, raba allo gida uku, labarin kuma a kan babban kwali.

Ta yaya zan gane takardar ba ta yi ba?

Agogo zai gaya maka. Ya kamata rukuni ukun su gama kusan tare, cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin. In masu ƙarfi sun gama a minti biyar, tambayoyinsu na neman layi ne kawai. In masu takarda mai sauƙi sun cike gurabe daidai ba tare da sun ɗaga ido sun dubi labarin ba, zaɓin da ka bayar ne ya tona amsar: da ka sa duro, akuya da gajimare, ai ba mai zuba wake a cikin akuya. Duk kalmomin zaɓi su zama masu yiwuwa, ta yadda dole sai an koma layi na 7.