Labarin saurayi da hoton kammala karatu: me zai gwada, me zai gano?

Tambaya: Malam, ina rubuta gajeren labari kan wani saurayi, Habu, da ke ta sauya shiga don hoton kammala jami'a. Shiga nawa zan sa ya gwada?

Uku sun isa, ƙanena, muddin kowacce akwai wanda Habu ke son ya burge da ita. Kwat da laktaye na masu ɗaukar aiki ne. Babbar riga da hula Zanna Bukar na mahaifinsa ne da dattawan unguwa. Ta uku kuwa, wadda zai sa baƙin gilashi ya karkata kai, ta abokai ce da 'yan mata a Instagram. Idan ka ƙara ta huɗu da ta biyar ba tare da wani sabon mai kallo ba, mai karatu zai fara tsallake layi.

Tambaya: Ta yaya gwajin zai zama labari?

Ka bar tufafin su ba shi wahala irin ta gaske. Rigar digiri buɗaɗɗiya ce mai faɗin hannu, an yanka ta ne don a ɗora ta kan kwat ko wani abu marar yalwa. Idan Habu ya ɗora ta kan babbar riga mai sitati, kafaɗunsa za su kumbura, aikin wuyan da ya biya kuɗi a kansa ya ɓuya rabi. Kaftani ne ke zama lafiya a ƙarƙashinta. Sannan kai ɗaya ba ya ɗaukar hula biyu: ko Zanna Bukar, ko hular nan mai kusurwa huɗu da tuntu. Ka tsayar da shi gaban madubin situdiyo, hula ɗaya a kowane hannu, mai hoto yana cewa, "Yallaɓai, akwai mutane a layi fa."

Kwat ɗin kuma aro ne daga abokinsa, hannun ya wuce masa har tsakiyar yatsu. Ga farar shadda: idan aka bar kyamarar waya ta auna haske da kanta, farin tufafi kan sa ta rage haske, sai fuskar mai duhun fata ta ƙara dusashewa. Wannan ne zai tura Habu ga filta, kuma nan ne zuciyar labarin.

Tambaya: To me zai koya, kuma yaya zan nuna ba tare da wa'azi ba?

Ka dasa wani abu a fuskarsa tun shafin farko. A ce Habu yana da tabo a saman gira, wanda ƙarfe ya yi masa a shagon walda a Ƙofar Ruwa, cikin Kano, inda yake aiki lokacin hutu don ya haɗa kuɗin rajista. Ka ambace shi sau ɗaya, ka wuce.

Da daddare yana gyaran hoton a waya: ya haska fata, ya siranta hanci, ya goge tabon da yatsa ɗaya. Ya biya aka wanke masa babba, aka sa a firam, ya kai wa mahaifiyarsa. Ta riƙe da hannu biyu, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Tubarkalla, ya yi kyau. Habu, ina tabon?"

"Na cire, Inna. Yana ɓata hoton."

"Ni na kwana ina danne maka shi da tsumma."

Ta miƙa masa firam ɗin, ta koma kan tsintar shinkafarta. Kada ka sa ta yi kuka ko ta yi dogon jawabi, don uwa irin wannan mai kawaici ce. Mai karatu ya riga ya fahimci cewa abin da Habu ya goge shi ne shaidar yadda aka yi digirin ya samu. Ni a ganina wannan ya fi "ka so kanka yadda kake" ƙarfi nesa ba kusa ba, domin na Habu ne shi kaɗai.

Tambaya: A ina zan tsaya?

A kan abin da ya aikata washegari. Ya koma situdiyo da kaftaninsa na Juma'a, ya sake biya daga ɗan abin da ya rage masa, mai hoto ya tambaye shi ko a taɓa fuskar, ya ce a bar ta. Idan ka ga ka rubuta "tun daga ranar Habu ya gane cewa", ka goge jimlar, ka duba ko ka bai wa tabon isasshen wuri a farko. Hotunan kwat da na baƙin gilashi kuwa kada ka sa ya share su: na kwat ɗin zai buƙace shi ranar neman aiki.