Ma'anar "metadata" a bidiyon wayar da kai kan lafiya

Metadata ita ce bayanan da ke rakiyar bidiyo idan an ɗora shi a intanet, wato take, da bayanin da ake rubutawa a ƙarƙashinsa, da kalmomin da ke taimaka wa mai nema ya same shi. Wasu suna haɗawa har da hoton bango. YouTube yana ba da gurbin haruffa 100 ga take, 5000 kuma ga bayani. Amma idan aka tura adireshin bidiyo a WhatsApp, take da hoton ne ke fara bayyana, kuma mutane da yawa a nan suke tsayawa saboda tsadar intanet. Don haka dole take ya zama gaskiya ko da shi kaɗai aka karanta.

A ce wata ma'aikaciyar lafiya a Tahoua ta yi bidiyo kan zawon yara, tana nuna yadda ake zuba ƙunshi ɗaya na gishirin zawo, wanda ake rubuta SRO a jikinsa, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Duk abin da ta faɗa daidai ne, sai wanda ya ɗora bidiyon ya sa masa take: "Maganin da ke tsayar da zawo nan take." A nan ne ɓarnar take, domin aikin wannan ruwa shi ne mayar wa jiki ruwa da gishirin da ya rasa, ba ya tsayar da zawo nan take. Uwar da ta karanta taken, ta ba ɗanta ruwan, ta ga zawon bai tsaya ba zuwa maraice, za ta iya cewa maganin banza ne ta daina ba shi, alhali a lokacin ne yaron ya fi bukatarsa.

Taken da ya dace shi ne: "Zawon yara: yadda ake haɗa ruwan SRO don kada jiki ya bushe." Bai kai na farko jan ido ba, na yarda, amma abin da ya alkawarta yana cikin bidiyon. A layukan farko na bayani, waɗanda ake gani kafin a buɗe sauran, sai a rubuta matsayin mai magana, a ambaci ƙwayar zinki da ake ba yaro kwana 10 zuwa 14, sannan a faɗi alamomin da ke sa a garzaya gidan likita: jini a cikin kashi, kasa shan ruwa, ko amai da duk abin da aka ba yaro.

Kalmomin nema ma suna da tarko. Wasu suna cusa "maganin ciwon suga" ko "maganin ciwon daji" a bidiyon da bai taɓo su ba don su jawo masu kallo, kuma ƙa'idojin YouTube sun hana metadata mai yaudara, har suna iya sauke bidiyon a kanta. Kafin a wallafa, a karanta taken shi kaɗai, a nemi minti da daƙiƙar da ma'aikaciyar lafiyar ta faɗi hakan a cikin bidiyon. Kalma irin "warkewa" ko "har abada" da ba ta fito daga bakinta ba, a goge ta.