Yayen ƴan aladu: yaushe, kuma yaya za a kauce wa zawo?

Tambaya: Ina kiwon aladu a wani ƙauye kudu da Kano. Duk sanda na yaye ƴaƴan a wata guda, kafin mako ya zagayo sai zawo ya kama su, wasu su mutu. Lokacin ne bai yi ba, ko abincin ne?

Malam, duka biyun ne. Manyan gonaki na yaye a kwana 21 zuwa 28, amma suna da ɗaki mai ɗumi da abinci mai garin madara. Mai kiwo a gida gara ya jira mako shida, har zuwa takwas idan uwar ba ta rame ba. Kada ka dogara da ƙirgen kwanaki kaɗai. Ɗan aladen turawa ya kai kilo 8, kuma ka ga da idonka yana cin busasshen abinci sosai, sannan a raba shi da nono.

Dalilin yana cikin hanji. Nonon uwa na ɗauke da garkuwar da ke hana ƙwayar E. coli manne wa bangon hanji, kuma ranar yaye wannan garkuwa ke yankewa. Ɗan aladen da bai saba da tsaba ba sai ya ƙi ci kwana ɗaya ko biyu, hanjinsa ya raunana. Da yunwa ta ci ƙarfinsa sai ya afka wa abinci, ya cika cikin da bai iya narkar da shi ba. Abin da ya wuce bai narke ba shi ƙwayar ke samu ta yaɗu. Shi ya sa zawon ba ya zuwa ranar farko, sai kwana uku zuwa goma bayan yaye.

To yaya zan saba musu da abinci?

Fara tun suna kwana goma. Keɓe musu lungu da katako, da ƙofar da uwar ba za ta iya shiga ba, ka zuba musu abinci cikin tafin hannu ɗaya a faranti marar zurfi. Kullum a zubar da ragowar jiya. Da farko wasa za su yi da shi, ba asara ba ce, hanjin ne ke koyon aiki.

Ga haɗin kilo 10: masara niƙaƙƙiya kilo 6, gasasshen waken suya kilo 2.5, garin kifi rabin kilo, dusar alkama giram 700, garin ƙashi giram 200, gishiri giram 50, sai firimis, wato garin bitamin da ma'adanai, gwargwadon abin da aka rubuta a ledarsa. Wannan zai ba da furotin kusan kashi 18 cikin ɗari, kuma ya isa, domin yawansa ma na jawo zawo. Waken suya dole a gasa shi har warin ɗanye ya fita, don ɗanyensa na hana narkewar abinci. Dusar burukutu, ragowar tuwo da ƙuliƙulin da ya yi hunhuna, a nisanta su da ƴan yaye.

Ranar yayen fa?

Uwar za ka fitar, su ka bar su a ɗakin da suka sani. Kada ka haɗa su da ƴaƴan wata uwar, kada ka canja haɗin abincin har mako biyu, dandaƙa kuma a yi ta tun da wuri ko a ɗaga ta.

A ce ƴaƴa takwas ne. Kwana ukun farko kowanne giram 150 a yini, jimla kilo 1.2, a raba sau huɗu, giram 300 kowane zubi. Kwamin ya zama mai tsawon da duka takwas za su ci tare, in ba haka ba manya su ƙoshi fiye da kima, ƙanana su kwana da yunwa. Masu ƙin ci a dama musu kamar kunu, awo ɗaya na gari da biyu na ruwa, a kwashe saura bayan rabin awa don zafinmu na saurin tsamar da shi. Idan kashi na fita da kauri, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har kowanne ya kai giram 350 zuwa 400 a ƙarshen mako na biyu. Ruwa mai tsabta kada ya yanke.

A lokacin hunturu a toshe kafar iska, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. In ka tarar sun hau kan juna da asuba, sanyi suke ji, kuma sanyi na buɗe wa zawo ƙofa.

Idan zawon ya riga ya fara?

Ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe su, alamarta faɗawar ido da jiƙewar gindi. Ware masu ciwon, ka rage abinci zuwa rabi na kwana biyu, amma kada ka hana gaba ɗaya. A lita ɗaya ta ruwa zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, su sha yadda suke so. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa likitan dabbobi ne zai zaɓa, domin E. coli da yawa sun daina jin waɗanda ake yawan saye a kasuwa. Idan ka ga jini a kashi, kumburin fatar ido da tangaɗi, ko manyan aladu ma suna zazzaɓi suna mutuwa, kira shi a ranar, kuma kada alade ko ɗaya ya fita daga gidan.