Ma'anar "system failure": idan gwaji ya yi ja, laifin kod ne ko na saba?

Masu aiki da GitLab sun san saƙo iri biyu da ke fitowa a ƙarshen aikin da ya faɗi. Ɗaya shi ne `Job failed: exit code 1`, ɗayan kuma `Job failed (system failure)`. Na biyun yana nufin saba, wato na'urar da ke gudanar da gwajin, ita ce ta kasa, misali Docker ya ƙi tashi. A nan galibi kod ɗinka bai yi laifin komai ba, wataƙila ma ba a kai ga gwada shi ba.

Matsalar tana ga saƙon farko. GitLab lambar fita, wato `exit code`, kawai yake dubawa. Idan faifan saba ya cika ana tsakiyar aiki, umarnin zai mutu, a rubuta shi cikin laifin kod. Don haka kada ka tsaya a layin ƙarshe, hau sama ka nemi kuskuren farko.

A ce wata ƙungiya a Garwa tana da saba a ofis. An ɗauke wuta da dare, da safe kowane reshe ya yi ja, har wanda rubutun bayani kawai aka gyara a cikinsa. Wannan kaɗai alama ce, domin da wuya mutum biyar su ɓata kod a wuri ɗaya lokaci ɗaya. An duba, aikin ya mutu cikin daƙiƙa 10 wajen sauko da kayan da manhajar ta dogara da su, da ƙorafin cewa takardar shaidar tsaro ba ta fara aiki ba tukuna. Sai a shiga sabar:

```
date
df -h
```

Idan `date` ya nuna shekarar da ta wuce tuntuni, ƙaramin batirin da ke riƙe agogon na'urar ne ya mutu, agogon ya koma baya da wuta ta dawo. Shi kuwa `df -h` zai nuna ko faifai ya kai 100%.

Hanya mafi tabbaci ita ce a sake gudanar da sigar ƙarshe da ta yi kore, a kan wannan sabar dai. In ta faɗi yanzu, kod bai canza ba, abin da ke kewaye da shi ne ya canza. In ta wuce, taka kuma ta ci gaba da faɗuwa a gwaji ɗaya da saƙo ɗaya, koma kan abin da ka rubuta.

A yi hattara da lamba 137. Tana nufin an kashe aikin da ƙarfi, galibi don ƙwaƙwalwar na'ura ta ƙare. Mutane kan yi saurin ɗora wa saba, alhali sabon kod mai haɗiye ƙwaƙwalwa ma yana jawo ta. Idan reshenka kaɗai ke ba da 137 kowane zagaye, sauran suna wucewa lafiya, kada ka sake danna `Retry`, binciki canjin da ka yi.