Shekara ta cika ciniki bai kai ba: wasiƙar neman sauya akalar kamfani

"Mu uku muka kafa kamfanin kai kayan miya gida-gida a Kano. Shekara ta zagayo, ko rabin cinikin da muka tsara ba mu yi ba. Ina so mu koma sayar wa gidajen abinci. Da me zan buɗe wasiƙar da zan rubuta wa abokaina biyu?"

Da lissafi, kafin ra'ayinka. Bayan gaisuwa, jera abin da aka tsara, abin da aka samu, da watannin da kuɗin asusu zai ɗauke ku. A misali, in saura naira miliyan 2.4 kuma kuna kashe dubu 400 a wata, wata shida ke gare ku. Wannan adadin ne zai sa abokanka su karanta da natsuwa.

Sannan ka warware oda guda ɗaya. A ce uwargida ta sayi kayan naira 6,000, ribarku 900, mai babur ya karɓi 1,200. Kun yi asarar 300 ke nan, kuma yawan oda yawan asara. Mai gidan abinci kuwa, in ta ɗauki tumatir da attaruhu na 60,000 daga 'Yankaba, riba 6,000, kuɗin ɗan sahu 2,500, an tsira da 3,500 a tafiya ɗaya.

"In suka ce talla ce ba mu yi sosai ba fa?"

Duba waɗanda suka dawo. In masu saye suna komowa amma ba su da yawa, abokanka sun fi ka gaskiya, talla ake buƙata. In kuwa sau ɗaya suke saye su ɓace, ko kuma kowace oda asara ce, talla wutar asarar za ta ƙara hurawa. Ka faɗi wanne littafinku ya nuna, kada ka kama sunan kowa. Wanda ya kawo shawarar farko zai ji zafi ko ba a ambace shi ba, shi ya sa gara ka same shi baki da baki kafin wasiƙar ta isa.

"Me zan nema a ƙarshe?"

Gwaji mai wa'adi: wata uku, gidajen abinci biyar, kuɗi kaza, da sharaɗin da in bai cika ba za a dakata. Ka tona aibin shawararka da kanka. Gidajen abinci bashi suke so, dillali kuma kuɗi hannu yake karɓa, don haka ka rubuta kwanakin da za ku iya jira. Ka faɗi aikin wa zai canja, ka sa ranar zama.

"Sai mun koma CAC, hukumar rajistar kamfanoni?"

Ku duba takardun rajista. In sun taƙaita irin kasuwancinku kuma sabon bai shiga ciki ba, dokar kamfanoni ta 2020 ta buƙaci ƙuduri na musamman, wato kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa, sannan a shigar da shi a hukumar. In ku uku hannun jarinku daidai yake kuma duk kun kaɗa, biyu ba su isa ba.